Dalilin rawar motar sabo a na'urar ba dabbobi abinci

Motar sabo, kamar SG90, ita ce ke buɗe ƙofar na'urar da ke zuba wa kyanwa ko tattabaru abinci a kan lokaci. In ta fara rawa ko gurnani, mafi yawan lokuta ƙarancin wuta ne. Lokacin da ƙwayar dawa ta maƙale a ƙofar, SG90 kan ja fiye da rabin amfiya, abin da allon Arduino da ke shan wuta ta USB ba ya iya bayarwa. Sai ƙarfin wutar ya faɗi, motar ta riƙa kai da komo.

Maganinsa shi ne a ba motar tata wutar daban, bolt 5 mai amfiya 1 zuwa 2, a haɗa wayar GND ɗinta da ta allon. A kuma sa kafasita mai 470µF kusa da ita.

In gurnanin na zuwa ne bayan ƙofar ta rufe, to motar na tura abin da ya riga ya tsaya. A rage kusurwar daga 180 zuwa 170, sannan a kira `detach()` bayan ta gama motsi. A zafin Gadarif na watan Afrilu, motar da aka bari tana gurnani kan ƙone, dabbobi su wuni da yunwa.