Zuwa jarabawa a wata ƙasa: fasfo, biza da lissafin hanya daga Tawa

Ɗalibin da ke neman gurbin karatu a jami'ar da ake koyarwa da Ingilishi, galibi za a nemi ya kawo sakamakon IELTS ko TOEFL. Wasu makarantun kuma sukan buƙaci mutum ya je da kansa ya zauna jarabawar shiga. Idan ba a samu wuri ko ranar da ta dace a Yamai ba, sai a duba ƙasashen maƙwabta. Ga mutumen Tawa, Kano, inda British Council ke shirya IELTS, na cikin wurare mafi kusa, don haka da ita za mu yi misali.

Shin ana buƙatar biza?

Zuwa Najeriya, a'a. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasa ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, amma CEDEAO ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta, kuma ƴan ƙasashen uku za su ci gaba da zirga-zirga babu biza har sai an ba da wata sanarwa. A lura da wannan sharaɗi na ƙarshe, domin tsari ne na wucin gadi. Wanda jarabawarsa ke nan da wata uku, ya sake tambaya a ofishin jakadanci ko wajen ƴan sandan iyaka idan lokaci ya matso.

Rashin biza kuma ba ya nufin iyaka a buɗe take. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Nijar da Najeriya, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. Gadar Gaya zuwa Malanbil ta fi haka daɗewa a rufe, abin da ya shafi duk mai niyyar zuwa Kwatano.

Takardar da ke tsallakar da kai, da wadda ke shigar da kai zaure

A nan ne aka fi yin asara. Mutanen Adar sun saba shiga Illela daga Ƙonni da katin shaida kawai, wani lokacin ma ba a tambaya. Cibiyar jarabawa ba ta aiki da wannan sabo. Ga wanda ke zaunawa a ƙasar da ba tasa ba, ƙa'idar IELTS da TOEFL ita ce fasfo na asali wanda bai ƙare aiki ba. Ba a karɓar kwafi, ko hoton fasfo a waya, ko takardar shaidar cewa an ajiye buƙatar fasfo. A IELTS kuma, takardar da aka yi rajista da lambarta ita za a nuna ranar jarabawa. Wanda ya yi rajista da tsohon fasfo sannan ya sabunta shi, lambar ta canza, dole ya sanar da cibiyar tun kafin ranar. Saboda haka fasfo ya fara zuwa hannu, rajista ta biyo baya.

Sai batun suna. Takardunmu da rubutun Faransanci suke: Aboubacar, Mahamadou, Ousmane. Idan aka bai wa wani ɗan'uwa a Kano ko Sakkwato aikin rajista, hannunsa zai rubuta Abubakar, Muhammad, Usman, don haka ya saba. A wajen mai gadin zaure waɗannan mutane biyu ne, kuma yana da ikon hana shiga ba tare da an maida kuɗi ba. A kwafe suna harafi bayan harafi daga shafin fasfo, a kula da wanda ke gurbin sunan iyali da wanda ke gurbin sunan yanka. Haka ma ranar haihuwa: wasu shafukan rajista na Amurka wata suke fara sawa kafin rana, sai 03/07 ta koma 7 ga Maris maimakon 3 ga Yuli.

A iyaka, a nemi a buga hatimin fita da na shiga ko da direba yana gaggawa. Hatimin ne shaidar ranar da ka shiga idan aka tsayar da mota a shingen cikin ƙasa. A riƙe katin rigakafin shawara. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, amma tun 2016 katin na tsawon rai ne, wanda aka yi wa a da ba sai ya sake ba.

Lissafin kwanaki

A ɗauka ɗalibi daga Abalak ya samu ranar Asabar a Kano. IELTS kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu da magana. Ukun farko a zama ɗaya ake yin su, amma ta magana, wadda ake yi baki da baki cikin minti 11 zuwa 14, ana iya sa ta a wata rana daban, har kwana bakwai kafin ko bayan sauran. Ga ɗan Kano wannan ba komai ba ne. Ga baƙo kuwa kuɗin masauki da abinci ne na ƙarin kwanaki. Ya duba tun wajen rajista ko za a ba shi zaɓin lokaci, kuma kada ya tsaida ranar komawa sai ya ga saƙon da ke ɗauke da jadawalinsa.

Idan duka sun faɗo ranar Asabar, ya baro Abalak Talata ya kwana Tawa. Laraba ya bi ta Tsarnawa da Madawa ya kwana Maraɗi. Alhamis da safe ya tsallaka ta Ɗan Isa da Jibiya, ya wuce Katsina ya isa Kano da rana tsaka ko la'asar. Akwai hanyar Ƙonni da Illela zuwa Sakkwato, sai dai daga can zuwa Kano ta Zamfara ake bi, inda matsalar ƴan bindiga ta yi tsanani. Yankin Jibiya ma bai tsira ba, don haka ko wace hanya aka zaɓa, tafiyar rana ce, bayan an tambayi direbobin tasha halin da ake ciki. Jumma'a ta rage masa: ya je ya ga ƙofar cibiyar da idonsa, ya auna minti nawa ne daga masaukinsa. Wannan ranar ce kuma ke cike giɓi idan mota ta lalace a hanya. Wanda ya makara ana ɗaukarsa bai zo ba.

Agogon Nijar da na Najeriya ɗaya ne, amma Wagadugu, Akra, Abijan da Dakar suna bayanmu da awa ɗaya. A canza sefa zuwa naira gwargwadon kuɗin mota da na kwana, a kuma buga takardar gayyatar jarabawa tun daga gida, kada a dogara da layin wayar Nijar bayan an tsallaka.

Inda biza ta zama dole

Jarabawar shiga wata makaranta a Faransa ko sauran ƙasashen Shengen tana buƙatar biza ta gajeren zama. Ana iya ajiye buƙata tun wata shida kafin tafiya. A ƙa'ida amsa na fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kai kwana 45, ba a haɗa da jiran ranar ganawa ba. Za a nemi takardar gayyata, shaidar masauki da kuɗi, inshorar lafiya ta akalla yuro 30,000, da fasfon da zai ƙara wata uku yana aiki bayan ranar fitowa. Faransa tana da biza ta musamman ga mai zuwa jarabawar shiga, wadda ke ba shi damar neman katin zama a can idan ya ci, ba sai ya dawo gida ba. Sai dai ofishin jakadancinta na Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, ke nan tafiyar ta zama biyu: ɗaya zuwa wata ƙasa don ajiye takardu da ɗaukar zanen yatsu, ɗaya zuwa jarabawar. Yayin da ake duba buƙatar fasfo yana hannunsu, don haka kada a sa ranar IELTS a Kano cikin waɗannan makonni.