Ciwon Sukari: Yaushe Ya Kamata A Duba Ƙafa, Ido Da Ƙoda?

Idan likita ya tabbatar maka kana da ciwon sukari, akwai sassa uku na jikinka da ya kamata a riƙa dubawa ko da lafiyarka ƙalau kake jin ta: ƙafafu, idanu da ƙoda. Sukarin da ya yi yawa cikin jini yana ɓata ƙananan hanyoyin jini, waɗanda suka fi gashin kai siranta. Su ne ke ciyar da jijiyoyin ji na ƙafa, da shimfiɗar da ke can bayan ƙwayar ido, da matatar da ke cikin ƙoda. Ɓarnar tana tafiya sannu, shekara da shekaru, kuma a farkonta ba ta zuwa da zafi. Saboda haka ba a jiran alama. Ana bin lokaci ne.

Daga yaushe ake fara ƙidaya?

Ciwon sukari iri biyu ne manya. Wanda ya fi yawa shi ne nau'i na 2, mai kama manya. Yakan daɗe a jiki ba a sani ba, har ya yi shekaru. Mai wannan nau'i ana duba masa ƙafa da ido da ƙoda tun lokacin da aka gano ciwon, daga nan kuma sau ɗaya kowace shekara. Nau'i na 1 ya fi kama yara da matasa, yana bayyana da sauri, kuma sai da allurar insulin. Mai shi ana fara masa wannan bincike shekara 5 bayan gano ciwon, sannan duk shekara.

Ke mace mai ciwon sukari, in kin sami juna biyu, a duba miki ido cikin wata 3 na farko, don ciki yana iya gaggauta ɓarnar ido.

Ƙafa

Jijiyoyin ji da suka fi tsawo su ne suke fara lalacewa, shi ya sa abin ke farawa daga yatsun ƙafa, ya hau sannu, kuma yakan kama ƙafafu biyun tare. Wani yakan ji raɗaɗi kamar an shafa masa barkono, musamman da dare. Wani ya ji kamar kiyashi na tafiya, ko tsira kamar ta allura. Wani kuma ya ji kamar yana taka auduga, ko takalmi ya zame masa bai sani ba. Mutane da yawa ba su jin komai, kuma su ne suka fi shiga hatsari, don sukan ɗauka lafiya ce.

Ka dubi yadda ake rayuwa a bakin Komadugu. Mai noman tattasai ko shinkafa yana wuni ƙafa cikin ruwa da laka wajen ban ruwa. Akwai ƙaya, akwai kututturen kara, akwai rairayi mai ƙuna lokacin bazara. Da hunturu ga faso a diddige, ga kaskon wuta da ake miƙa wa ƙafa. Ƙafa mai ji takan janye da kanta. Wadda ta daina ji sai ta ƙone ko ta huje, mai ita ya ci gaba da takawa kwana da kwanaki, har ƙaramin rauni ya zama gyambo.

A asibiti gwajin ba ya cin lokaci. Ka cire takalma biyun, ko da ba a ce ka cire ba. Malamin asibiti zai dubi fata da tsakanin yatsu, ya taɓa bugun jini a bayan ƙafa da wajen idon sawu. Sannan ya ɗauko wani siririn zaren roba, ya danna shi a tafin ƙafarka har ya lanƙwasa, kai kuwa idonka a rufe. Nauyin dannawar giram 10 ne. In ba ka ji shi ba, jin da ke kare ƙafarka ya ragu.

In babu wannan zare, akwai gwajin da ɗanka ko matarka za su iya yi maka a gida. Ka kwanta, ka rufe ido. Mai gwajin ya ɗora kan yatsansa a hankali bisa kan babban yatsan ƙafarka, da na tsakiya, da ƙaramin, kowanne na daƙiƙa 1 ko 2. Kada ya danna, kada ya sosa. Duk lokacin da ka ji, ka ce "na ji". Yatsu 6 ke nan a ƙafa biyu. In ka kasa jin 2 ko fiye, ka kai maganar asibiti.

Sakamakon ne ke nuna ranar komawa. In ji yana nan daidai, sai shekara ta zagayo. In ya ragu, duk wata 6 zuwa 12. In ga raguwar ji kuma ga ƙarancin gudun jini ko yatsu sun karkace, duk wata 3 zuwa 6. Wanda ya taɓa yin gyambo ko aka taɓa yanke masa yatsa, duk wata 1 zuwa 3.

Tsakanin waɗannan ranaku aikin naka ne, kuma alwala ta sauƙaƙa shi. Tun da kana wanke ƙafa kullum, ka ƙara da kallon tafinta, ka tsane tsakanin yatsu, ka zazzage takalmi kafin ka sa. Ruwan ɗumi kuwa ka gwada shi da gwiwar hannu. Ke kuma mai ƙunshi, ki sani lalle yana ɓoye ja da baƙin fata, don haka kada ki sa shi gab da ranar dubawa. Rauni, ko kumburi, ko yatsa da ya sauya launi ba ya jiran wata: a je asibiti ranar ko washegari.

Ido

Mutane sun san yanar ido, don ana ganin farinta daga waje. Ɓarnar sukari ba haka take ba. Tana can ciki, a shimfiɗar bayan ido inda hoto ke sauka. Hanyoyin jinin wurin suna yoyo, wasu su toshe, daga baya wasu sababbi marasa ƙwari su tsiro su fashe. Mutum yana iya karanta ƙananan baƙaƙe sarai alhali ɓarnar ta yi nisa. Wannan ya sa karanta allon haruffa, ko gwada tabarau a kasuwa, ba shi ne binciken da ake nufi ba.

Binciken gaskiya shi ne a ɗiga maka magani ya buɗe baƙin ido, ka jira kamar minti 20 zuwa 30, sannan ma'aikacin ido ya leƙa da fitila ko ya ɗauki hoton ciki. Bayan haka ganinka zai yi hazo na ƴan awoyi, rana kuma za ta dame ka. Ka zo da ɗan rakiya, kada ka tuƙa abin hawa. Ba kowane ƙaramin asibiti ke yin wannan ba. In kana Boso, ko Maine Sorowa, ko wani ƙauye na kwarin, ka nemi takardar turawa zuwa babban asibitin jiha da ke garin Difa. In aka tarar ido lafiya kuma sukari yana kwance, likita yana iya ba ka shekara 1 ko 2. In an ga ɓarna, zai rage tazarar zuwa watanni, ko ya tura ka inda ake yin aikin leza ko allurar ido. Waɗannan sun fi iya tsare ganin da ya rage, a kan maido wanda ya tafi.

A ajin yaƙi da jahilci mukan ga ɗalibi babba yana cewa yau allo ya yi masa hazo, jibi kuma ya ce ya washe. Ganin da ke sauyawa haka sau da yawa hawa da saukar sukari ne. Kada ka yi saurin sayen tabarau, ka bari sukarin ya daidaita na ƴan makonni. Amma in farat ɗaya ka ga baƙaƙen ɗigo da yawa suna yawo, ko wani abu kamar labule ya rufe gefen ganinka, ko ido ɗaya ya dushe, wannan na gaggawa ne.

Ƙoda

Ƙoda rariya ce. Tana tace datti ya fita cikin fitsari, ta riƙe abin amfani. Alamar farko ta lalacewarta ita ce wani sinadarin jini mai suna albumin ya fara zuba cikin fitsari. Ido ba ya ganinsa. Kumburin ƙafa da fuska, da fitsari mai kumfar da ba ta kwantawa, da kasala da tashin zuciya, duk daga baya suke zuwa. Ciwon baya ba shi ne alamarta ba.

Gwaji biyu ake yi duk shekara. Na fitsari, wanda an fi son na farkon safiya, yana auna albumin. Daga lamba 30 zuwa sama abin lura ne. Na jini yana auna kiriyatinin, daga shi ake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda. Ƙasa da 60 abin lura ne. Inda babu injin auna albumin, ana tsoma ƴar takarda cikin fitsari a ga ko ta sauya launi. Tana da amfani, sai dai ba ta kama zubar da take ƴar kaɗan.

Ga misali. A ce manomi ne mai shekara 52 daga wani ƙauye kusa da Difa, an gano masa nau'i na 2 a watan Maris. Ranar nan aka gwada ƙafarsa, bai ji zaren ba a wurare biyu. Aka rubuta masa komawa bayan wata 6, aka ce ya daina shiga garka ba takalmi. Ido ya fito lafiya, sai baɗi. Fitsari kuwa ya nuna 85. Likita bai ce ƙodarsa ta lalace ba, tambayarsa ya yi: ya yi zazzaɓi kwanan nan? Yana jin zafin fitsari, ko yana ganin jini a ƙarshensa? Dalili shi ne masassara, da sanyin mafitsara, da aikin ƙarfi na jiya, da jinin al'ada ga mace, duk suna iya ɗaga lambar. A bakin kogi kuma akwai tsargiya, wadda ke sa jini cikin fitsari. Mutumin ya ce ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro mako ɗaya da ya wuce. Sai aka sake gwajin a Mayu, ya nuna 60, a Yuli ya nuna 70. Ƙa'ida ita ce gwaji 2 cikin 3 su hau a tsakanin wata 3 zuwa 6, to, nasa ya tabbata. Gwajin jininsa ya nuna 78, wato ƙodar tana aiki, an kama abin da wuri.

Abin da ya biyo baya shi ne a kwantar da hawan jininsa da sukarinsa, ya rage gishiri da dunƙulen miya, a ba shi magani irin enalafiril ko losartan, masu rage zubar albumin. Mai juna biyu ba ta shan waɗannan. An kuma hana shi ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye a tebur, irin diklofenak da ibufurofen, waɗanda manoma ke sha bayan wunin aiki. Suna rage jinin da ke shiga ƙoda, balle a jikin da ya yi gumi bai sha ruwa ba.

Yadda za ka riƙe lokacin

Tun daga 2015 rashin tsaro ya raba iyalai da yawa na kwarin Komadugu da garuruwansu, ambaliya kuma ta tashi wasu. Wanda ya sauya wuri ya sauya asibiti, sabon malamin bai san abin da aka gani bara ba. Don haka ka ware shafi ɗaya a karnenka na asibiti, ka ja layi uku: ƙafa, ido, ƙoda. Gaban kowanne a rubuta ranar gwaji, da sakamako, da ranar komawa. Ka ajiye shi cikin leda tare da takardun haihuwa.

Ka kuma ɗaura binciken shekara ga lokacin da ba ka mantawa. Ga manomi, bayan an sayar da tattasai ya dace, don akwai kuɗin mota da na gwaji. Wasu sun fi son watan Sha'aban, kuma zaɓi ne mai kyau, domin da sakamakon ƙoda a hannu likita zai fi iya gaya maka ko jikinka zai ɗauki azumi, da yadda za ka sauya lokacin shan magani.