Alfar Kuronbak

Alfar Kuronbak (suna, mace, alamarta α). Lamba ce da ke nuna ko tambayoyin da aka jera don auna abu guda, kamar gamsuwa da aiki, bakinsu ɗaya ne. Lee Cronbach ya yaɗa ta a 1951.

`α = (k/(k−1)) × (1 − Σs²ᵢ / s²ₜ)`

`k` yawan tambayoyi ne, `s²ᵢ` warwatsuwar amsoshin kowace tambaya, `s²ₜ` kuwa warwatsuwar jimillar maki. A ce tambayoyi 5 ne, warwatsuwarsu ɗaya-ɗaya ta taru ta ba da 6, ta jimilla kuma 15. Sai a samu `1.25 × 0.6 = 0.75`. An saba karɓar 0.70 zuwa sama, amma wannan al'ada ce kawai.

Idan alfa ta faɗi ƙasa da sifili, a fara duba tambayar da aka yi a baibai, irin "Na tsani aikina", wataƙila an manta ba a juya makinta ba. Ƙara tambayoyi kuma yakan kumbura ta ko da dangantakarsu ba ta ƙaru ba. Wadda ta haura 0.95 ma abin zargi ce, don sau da yawa tambaya ɗaya ake ta sauya wa riga.