Ashura, Yom Kippur da Idin Ƙetarewa: Inda Takardar Darasi Ke Zamewa

Malamin da zai tsara takardar darasi kan bukukuwan Yahudawa ga aji mai Musulmi da Kirista yakan ja layuka uku: sunan biki, lokacinsa, ma'anarsa. Sai ya ƙara na huɗu, wato abin da ya yi kama da shi a wajenmu. A wannan layin ne kuskure ke shigowa.

Mu ɗauki Yom Kippur, Ranar Kafara, wadda ke faɗowa ranar 10 ga watan Tishri. Azumi ne na kusan awa 25, daga faɗuwar rana zuwa shigar daren washegari, ba ci ba sha, domin tuba. Ɗalibi Musulmi zai tuna da Ashura nan take, kuma yana da hujja: ita ma ranar goma ce, kuma hadisi ya nuna Annabi (SAW) ya tarar da Yahudawan Madina suna azumtarta. Sai dai dalilin da hadisin ya kawo shi ne tsirar Annabi Musa daga Fir'auna. A kalandar Yahudawa kuwa, wannan tsira Pesach ne ke tunawa da ita, Idin Ƙetarewa, wanda ke farawa 15 ga Nisan, kuma da liyafar dare ake buɗe shi. Tun wajen shekarar 1000 Al-Biruni ya tattauna wannan saɓani. Malamin da ya rubuta cewa Yom Kippur ita ce Ashurar Yahudawa ya haɗe bukukuwa biyu da ke da tazarar wata shida.

Ɗalibi Kirista kuma zai haɗa Pesach da Ista, tunda Linjila ta sanya kwanakin ƙarshe na Yesu a lokacin idin. Dangantakar gaskiya ce, amma bayan taron Nikiya na shekarar 325 Ikilisiya ta koma lissafa ranar Ista da kanta, kuma abin da take tunawa shi ne tashin Almasihu.

Tarko na ƙarshe shi ne kwafo ma'anar biki daga Attaura kaɗai. Can za a ga ragon hadaya a Pesach, da Babban Firist yana shiga wuri mafi tsarki a Ranar Kafara. Duka sun tsaya a shekarar 70, da Romawa suka rushe Haikalin Ƙudus. Malaman Yahudawa suka mayar da ibadar addu'a da karatu. A teburin Pesach na yau, gasasshen ƙashi ne ke wakiltar ragon, kusa da gurasa marar yisti, ƙaramin yaron gida kuma shi ke tambayar dalilin wannan dare.

Gyaran shi ne a raba layi na huɗu gida biyu, kamanni da bambanci, a kuma ƙara tambaya guda: me ake yi kafin shekarar 70, me ake yi yanzu? Da haka kowane ɗalibi zai san bikin yadda masu shi suka san shi.