Ayyukan kammala digirin injiniya: lissafin wutar sola a gidan da ake yawan ɗauke wa wuta

Ɗalibin injiniya ba ya karɓar shaidar digiri sai ya gabatar da aikin bincike ko ƙirƙira a shekararsa ta ƙarshe. A sashen lantarki, batutuwan da suka shafi makamashi mai sabuntawa sukan kewaya ne kan na'urar da ke sauya gida daga wutar layi zuwa batir da kanta, ko farantin da ke bin rana, ko auna illar ƙurar hunturu ga farantan sola. Amma dukkansu sun dogara ne kan aiki guda, wato lissafin abin da gida ke buƙata.

Ana fara shi da ƙidayar kayan wuta da sa'o'in aikinsu. A ɗauki gida a Kano mai ƙwan fitila 6 masu wat 10 da ke ci awa 6, wato wat-awa 360. Fanka 2 masu wat 60 na awa 8 za su sha 960, talabijin mai wat 80 na awa 4 ya sha 320, firji kuma a ƙaddara masa 1,000. Jimilla 2,640 ke nan a rana. Da yake inbata na zubar da wani kaso ta hanyar zafi, sai a ɗaga adadin zuwa kimanin 3,100.

A wajen batir ne aikin ɗalibi ke tsayawa ko ya rushe. Batirin darma mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗaukar wat-awa 2,400 a takarda, amma rabin wannan kaɗai ya kamata a sha, in ba haka ba ya mutu da wuri. Don haka gidan na buƙatar guda uku idan zai kwana ya yini kan batir. A tsarin bolt 24 kuwa, inda ake haɗa su bibbiyu, sai dai huɗu. Alamar an yi kuskure a nan sananniya ce: wutar da a da ke kai wa asuba sai ta koma yankewa tsakar dare bayan 'yan watanni.

Lissafin faranti ya fi sauƙi. Idan aka ƙaddara awa 5 na cikakkiyar rana, ana buƙatar wat 620. Sai dai ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25, abin da kwanon rufi a watan Afrilu bai sani ba. In aka ware kashi ɗaya cikin huɗu don zafi da ƙura, faranti uku masu wat 300 sun wadatar.

Saura firji, wanda kan ja ninkin ƙarfinsa sau da dama a lokacin da injinsa ke tashi. Inbatar da aka zaɓa ba tare da la'akari da hakan ba za ta yi ƙara ta mutu a daidai wannan lokaci, ko da batir cike yake.