Hawa da Sauka a Gasar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila: Tasirin Gibin Kuɗin Talabijin a kan Ƙananan Ƙungiyoyi

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin tasirin hawa da sauka tsakanin Firimiya da rukuni na biyu a kan asusun ƙananan ƙungiyoyi, inda ta ɗauki Derby County a matsayin misali. Ta nuna cewa gibin kuɗin haska wasanni ne ke durƙusar da su, domin yana tura masu neman hawa su kashe abin da ba su da shi.

Gabatarwa

Ƙungiyoyi 20 ne a Firimiya, kuma uku na ƙarshe kan sauka a ƙarshen kowace kaka. Rukuni na biyu na da 24: ta ɗaya da ta biyu kan hau kai tsaye, gurbin hawa na uku kuma a fitar da mai shi ta wasannin cike gurbi da ake kammalawa a Wembley. A 'yan shekarun nan, ko ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a Firimiya tana samun sama da fam miliyan 100 daga rabon kuɗin gasar. Wadda ta sauka kuwa ana ba ta kuɗin sassauci: kashi 55 cikin ɗari na kason talabijin da ake raba wa kowa daidai a shekarar farko, kashi 45 a ta biyu, sai kashi 20 a ta uku idan ta yi fiye da kaka ɗaya a sama. Sauran ƙungiyoyin rukuni na biyu tallafin da Firimiya ke ba kowacce bai wuce kimanin fam miliyan 5 ba.

Misalin Derby County

Ke nan ƙungiyar da ba ta da kuɗin sassauci tana neman gurbi uku ne tare da abokan hamayyar da suka fi ta kuɗi nesa ba kusa ba. Shi ya sa a kakanni da dama jimillar albashin rukuni na biyu ta zarce jimillar kuɗin shigarsa, masu ƙungiyoyi na cike gibin daga aljihunsu. Derby ta sauka daga Firimiya a 2008. Bayan kuɗin sassauci ya ƙare, ta ci gaba da sayen 'yan wasa masu tsada, alhali dokar rukunin ta taƙaita asara a fam miliyan 39 cikin shekaru uku. A 2018 ta sayar da filinta na Pride Park ga kamfanin mai ƙungiyar a kan fam miliyan 80, cinikin da ya shiga lissafi a matsayin riba. A 2019 ta kai wasan ƙarshe na cike gurbi, Aston Villa ta doke ta da ci 2 da 1. A Satumban 2021 bashi ya sa aka miƙa ta ga masu kula da kamfanonin da suka durƙushe, aka zabtare mata maki 12, sannan aka ƙara 9 saboda karya dokar kuɗi. Ta ci maki 55 a fili, waɗanda da sun isa su tsirar da ita, amma ta ƙare da 34, ta faɗa rukuni na uku a 2022. Alamomin sun bayyana tun da wuri: albashi da ya fi kuɗin shiga, sayar da kadara don daidaita lissafi, da taruwar bashin haraji.

Hujjojin Masu Ja

Masu kare kuɗin sassauci suna cewa in babu shi, ƙungiyar da ta hau ba za ta yi kasadar ɗaukar ƙwararrun 'yan wasa ba, tunda kwantiragi na shekaru ne, sauka kuwa na iya zuwa cikin kaka ɗaya. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai ba ta hana duka ukun da suka hau a 2023, wato Burnley da Sheffield United da Luton Town, komawa a 2024 ba, haka ma ukun da suka biyo bayansu. Kuma haɗarin kwantiragi ana iya rage shi da sharaɗin zabge albashi idan an sauka, ba tare da an ɗora nauyin a kan sauran ƙungiyoyi ba. Wasu kuma na ganin a rufe gasar kamar yadda ake yi a Amurka. Wannan zai kawar da cacar neman hawa, amma zai toshe hanyar da Luton ta bi daga rukuni na biyar a 2014 zuwa Firimiya a 2023, kuma begen hawa na cikin abin da ke kawo 'yan kallo da masu zuba jari.

Kammalawa

Hawa da sauka tsari ne da ya cancanci a bar shi, rabon kuɗin ne ke buƙatar gyara. Hukumar sa ido mai zaman kanta da dokar 2025 ta kafa a Ingila ya kamata ta matsa a rage kuɗin sassauci, a ƙara kason rukuni na biyu, a kuma ɗaure albashi da kuɗin shigar kowace ƙungiya. Muddin gibin na nan yadda yake, zabtare maki zai ci gaba da zuwa ne bayan ɓarna ta riga ta auku.