Wa Ya Ratsa Tsakanin Naman? Tarihin Alkawari a Littattafan Ibraniyawa

'Yan uwa, da yawa cikinmu a nan Keffi muna karatun tauhidi, kuma duk wanda ya ɗauki darasin Tsohon Alkawari zai haɗu da kalmar Ibraniyanci "berit". Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fara fitowa cikakke a 1932, yana kiranta alkawari. Mu Hausawa mun ce alkawari kaya ne. To, wa ke ɗauke da kayan? Wannan tambaya ce za mu bi.

Ibraniyawa kan ce an "yanka" alkawari. Farawa sura 15 ta nuna dalili. Ibrahim ya kawo karsana da akuya da rago, kowanne ɗan shekara 3, da kurciya da ɗan tattabara. Ya raba dabbobin biyu biyu, ban da tsuntsayen. A al'adar zamanin, mai ɗaukar alkawari yakan ratsa tsakanin naman, wato idan ya saɓa, abin da ya sami dabbar ya same shi. Amma a daren nan Ibrahim bai ratsa ba. Tanderu mai hayaƙi da harshen wuta ne suka wuce, alamar Allah ne ya ɗauki kayan.

A Dutsen Sina'i lamarin ya bambanta. A Fitowa 24 Musa ya karanta dokoki, jama'a suka amsa za su kiyaye, sannan ya yayyafa jini a kan bagade da kuma kansu. Yanzu su ma da kaya a kansu. A 1954 George Mendenhall ya nuna cewa tsarin nan ya yi kama da yarjejeniyar da sarakunan Hittiyawa ke ƙullawa da ƙananan sarakuna: tarihin alheri, sharuɗɗa, albarka da la'ana.

Irmiya 34 ta nuna mana yadda ake zubar da kayan. Lokacin da sojojin Babila suka kewaye Urushalima a zamanin Sarki Zadakiya, manyan gari suka raba maraƙi biyu, suka ratsa, suka 'yantar da bayinsu Ibraniyawa. Da sojojin suka ɗan janye, sai suka sake kamo bayin. Irmiya ya ce za su zama kamar maraƙin. Birnin ya faɗi wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Almasihu.

A nan ne ɗalibai kan yi tuntuɓe, su ce alkawari ya mutu ke nan. Wanda mutane suka ɗauka shi ne ya karye. Wanda Allah ya ɗauka wa Ibrahim bai rataya a kan ratsawar mutum ba, shi ya sa Irmiya 31 ta iya maganar sabon alkawari da za a rubuta a zuciya.

Saboda haka duk inda muka ga "berit", mu fara tambaya: wa ya rantse, akwai sharaɗi, mece ce alamar? Allah ya ba mu ikon riƙe namu.